Na Zolayi Babban Baƙo a Gaban Surukansa

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a cikin garin Gombe, shekaruna 29, asalina Bafulatanin Dukku. Watan jiya ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta yi taron gidauniya don gyaran azuzuwa, aka ba ni gabatarwa. Babban baƙo mai jawabi wani likita ne da ya yi ritaya, Babarbare, aminin kawuna, ya kusa shekara 70. Tun ina yaro nake jin kawu yana kiransa bawansa, shi ma yana ramawa, ana ta dariya. Da na zo kiransa sai na ce, "To jama'a, ga bawanmu nan, mun ara masa minti goma ya yi magana kafin ya koma ya tatsar mana shanu." Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsit. Dakta ko murmushi bai yi ba. Ya yi jawabin da bai kai minti biyar ba, ya ba da gudummawarsa, ya tafi kafin a ci abinci. Daga baya na ji ashe mazajen 'ya'yansa biyu na zaune a layin gaba, kuma wani ya ɗauki bidiyo ya tura wa mutane ta waya. Kawu ya ce na ba shi kunya. Abokaina kuma sun ce Dakta ne ya cika zafi, ai wasan gado ne. Nan da mako uku akwai bikin ba da kyaututtuka, shugaban makaranta ya ce ni zan sake gabatarwa, baƙuwar kuma wata dattijuwa ce daga Kaltungo, tsohuwar shugabar makaranta. Barci ya gagare ni. In daina raha ke nan gaba ɗaya? Kuma ta yaya zan wanke kaina wajen Dakta?

Daga wani malami a Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanena. Rashin barcin nan naka ya sa na ji ka kwanta mini a rai, domin wanda bai san darajar manya ba da tuni ya bi bayan abokansa ya ce dattijon ne bai san wasa ba. Kai kuwa zuciyarka ta riga ta gaya maka akwai abin da ya karkace, abin da ya rage shi ne ka gane daidai inda ya karkace, don kada tsoro ya sa ka watsar da baiwar da Allah ya ba ka tare da kuskuren.

Abokanka suna da rabin gaskiya, kuma ya kamata a ba su ita. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari tsohon abu ne, kamar na Kanawa da Zazzagawa, ko na Gobirawa da Yarabawa, ko na Katsinawa da Nufawa. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sukan haɗu a motar Maiduguri, ɗaya ya ji harshen ɗaya, kafin a kai Bajoga sun zama kamar 'yan ɗaki ɗaya saboda wannan wasan. Ba ka ƙirƙiro shi ba, ba kuma da niyyar cin fuska ka ɗauko shi ba. Amma ka tuna yadda kawunka yake yinsa. Yana yi ne a zaure ko a gindin bishiya, suna zaune kafaɗa da kafaɗa, sa'o'in juna ne, kuma kafin kawu ya rufe baki Dakta ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Daɗin wasan taubasantaka duk yana cikin ramuwar nan. Kowa ya jefa, kowa ya karɓa, a tashi babu wanda ke bin wani bashi. In ka cire ramuwa, abin da ya rage sunansa ba'a.

To duba halin da ka saka Dakta a ranar. Makirufo na hannunka, shi yana zaune. Muryarka na fita ta lasifika har bakin titi, shi kuwa ko ya yi magana na kusa da shi kaɗai zai ji. Da ya miƙe, hanya biyu ce a gabansa, kuma kowace akwai ƙaya. In ya rama, ya zama dattijo ɗan saba'in yana cacar baki da sa'an ɗansa a gaban hakimai. In bai rama ba, ya haɗiye sunan bawa a bainar jama'a. Ya zaɓi ta biyu, ya taƙaita magana, ya ba da kuɗinsa, ya tafi. Ni a ganina wannan dattako ne. Mai zafin rai da ya tanka maka a wurin, ko ya mayar da gudummawarsa aljihu.

Sai maganar surukai, wadda ita ce ta fi ci masa rai, in na fahimci mutanenmu. Al'adar da ta ba mu abokan wasa ita ce kuma ta ba mu waɗanda ake jin nauyinsu. Jika yana zolayar kakarsa, ƙanin miji yana zolayar matar wansa, ɗan mace da ɗan namiji suna yi wa juna tsiya. Amma suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya kiran sunansa, wani ma in ya hango shi a hanya sai ya sake lungu. Kai Bafulatani ne, ba sai na koya maka wannan kunyar ba. Waɗancan samari biyu da ke layin gaba, da ka yi maganar, ba su san inda za su sa idonsu ba: su yi dariya su raina uban matansu, su ɗaure fuska kuma su nuna an ci mutuncinsa. Dakta yana kallonsu, ya san abin da suke ciki. Wasa guda yakan yi daɗi a gaban mutum goma, ya zama abin kunya da zarar na goma sha ɗaya ya shigo.

Ka ƙara da cewa nan Gombe ce. A zauren taro ɗaya za ka samu Bafulatani da Batangale da mutumin Tera da Waja da Bolewa da Tula, Musulmi da Kirista, ga kuma Yarabawa da Ibo da aka haifa a Sabon Layi ko Jekadafari. Ba kowa ne a cikinsu ya taso da sanin cewa "bawa" a bakin Bafulatani zuwa ga Babarbare kalmar zumunci ce ba. Wanda bai sani ba, abin da kunnensa ya ji kawai shi ne yaro ya kira babban likita bawa. Akwai kuma waɗanda kalmar bauta take taɓo musu tsohon miki na tarihi, ba sa jin ta da wasa ko kaɗan. Tsit ɗin da ka ji daga wani ɓangaren zauren, daga nan ya fito. Bidiyon kuma ya ƙara dagula lissafi, domin shi ba ya tafiya da bayani. Wanda ya buɗe shi a Bauchi ko Abuja bai san kawunka ba, bai san amincin shekara da shekaru ba, daƙiƙa goma sha biyar kawai ya gani. Duk mai riƙe makirufo a zamanin nan ya sa a ransa cewa akwai baƙin da ba ya gani, suna cikin wayoyin da aka ɗaga.

Yanzu ga amsar tambayarka ta farko: a'a, kada ka daina raha. Gabatarwar da babu walwala a cikinta ita ma tana cutar da mai jawabi. Mun sha zama a tarukan da mai gabatarwa zai karanto tarihin mutum tun daga firamare, kwas-kwas, muƙami-muƙami, minti goma sha biyar, har mutane su koma danna waya, sannan a miƙa wa bawan Allah zauren da ya riga ya mutu. Raha mai kyau tana farkar da mutane, tana sassauta wa mai magana fargaba, tana sa a karɓe shi da fuska a sake. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a wurin gabatarwa dariyar ba taka ba ce. Aiki aka ba ka na share wa wani hanya. Saboda haka kafin ka furta kowace barkwanci ka tambayi kanka: in na faɗi wannan na miƙa masa makirufo, da wace jimla zai fara? In rahar ta sa masa jimlar farko a baki, mai sauƙi, wadda zai faɗa yana murmushi, ta taimake shi. In kuwa sai ya fara da kare kansa, ko ya yi kamar bai ji ba, ka ɗora masa kaya.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wani taron manoma ne a wajen Kumo, cikin zafin watan Afrilu, an ce ƙarfe goma ba a fara ba sai bayan azahar. Mutane sun gaji, dattawa na fifita da takardar tsarin taro, na baya sun fara zamewa. Wanda zai yi magana wani matashin malamin gona ne, a kan yadda ake adana wake. Ina kusa da shi, ina ganin takardar hannunsa tana rawa, ya shanye ruwan leda biyu a jere. Mai gabatarwa, wani dattijo mai sanyin murya, ya faɗi sunansa da aikinsa, sannan ya ce: "Wannan yaron ya shekara takwas yana yaƙi da abokin gaba guda ɗaya. Kuma duk wanda ke zaune a nan, har da ni, ya taɓa ciyar da wannan abokin gaba kyauta a rumbunsa, tun daga kaka har bazara. Ƙwaron wake nake nufi." Wuri ya kaure da dariya, waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna. Matashin ya karɓi makirufo ya ce, "To yau mun zo ne mu yanke masa abinci," aka sake dariya, daga nan takardar ba ta ƙara rawa ba.

Ka lura da abin da dattijon nan ya yi. Dariyar ba ta sauka a kan kowa ba, ta sauka a kan ƙwaro, abin da kowa a wurin yake jin haushinsa. Ta ɗaga darajar yaron, ta mai da shi jarumin da ya zo ceton jama'a. Ta fito daga cikin batun da za a yi magana a kai, shi ya sa ta zama ƙofar shiga jawabin. Kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Wannan na ƙarshe malamai sun daɗe suna karantar da mu: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa amma ba ya faɗin sai gaskiya, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da sunayen banza. Wanda ya tsaya cikin waɗannan iyakoki biyu, da wuya rahar sa ta yi ɓarna.

Daga nan za ka iya gane wuraren da ƙafa ke zamewa. Jikin mutum, tsayinsa ko tumbinsa ko sanƙonsa ko tsagen fuskarsa, ba abin taɓawa ba ne ko da shi da kansa yana wasa da su. Haka yawan matansa ko rashin aure ko rashin haihuwa. Haka yadda yake furta Hausa, wanda a jiharmu abu ne mai saurin taɓa zuciya, tunda da yawa daga cikinmu Hausa harshe na biyu ce a gare su. Addini da jam'iyya kuwa ko kusa. Akwai kuma guda ɗaya da ta shafi taron gidauniya musamman, wadda masu gabatarwa suke yawan faɗawa ciki: zolayar baƙo a kan kuɗi, irin su "mun san Alhaji ba zai ba mu ƙasa da miliyan ba." Ana dariya, amma an ɗaure mutum da igiya a gaban jama'a. In abin da ya zo da shi bai kai haka ba, ya tafi da kunya, badi kuma ba zai amsa gayyata ba.

Kada ka ɗauka ina cewa wasan gado ba shi da wuri a taro. Yana da shi, sai dai babba ne ke buɗe ƙofarsa. Da a ranar ka faɗi muƙamin Dakta da shekarun da ya yi yana duba marasa lafiya, sannan ka ce, "Jama'a, an san akwai wata tsohuwar magana tsakanin Fulani da Barebari, amma wannan fage na iyayena ne, ga kawu nan zaune, ni dai nawa in ce Baba bismilla," da ka ga abin da zai faru. Waɗanda suka san wasan za su yi dariya, waɗanda ba su sani ba ka ba su haske. Dakta kuma ka miƙa masa sanda: in ya ga dama ya miƙe ya ce ai dama bawa ba ya magana gaban ubangijinsa, zauren ya fashe, kai ka sunkuyar da kai kana murmushi. In kuma ya dubi surukansa ya ga bai dace ba, ya wuce kai tsaye zuwa jawabinsa, babu wanda zai ga gibi. Zaɓin na hannunsa. Wasa daga sama zuwa ƙasa yake gangarowa cikin sauƙi, in zai hau daga ƙasa zuwa sama sai an ba shi izini.

To mu zo kan gyara, kuma ina roƙonka kada ka bari makon nan ya fita. Ka fara da kawu, domin shi ma an taɓa shi: amincinsa ka ɗauka ka yi amfani da shi ba da saninsa ba. Ka same shi a gida, ka ce ka gane kuskurenka, ka roƙe shi ya raka ka. Kada ka aika saƙon waya, kada ka tare Dakta a masallaci ko wajen ɗaurin aure inda idon mutane zai tilasta masa cewa ya yafe. Ku je gidansa a lokacin da kawu ya san yana zama, bayan la'asar ko bayan isha'i, ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa, ka bar kawu ya buɗe magana. In an ba ka dama, ka taƙaita: "Baba, na zo ne in ba da haƙuri. Na ɗauki wasan da ke tsakaninku da kawu na kai shi inda bai kamata ba, a gaban surukanka da baƙi. Ban kyauta ba, ka yafe mini." Ka tsaya a nan. Kada ka ce "in ranka ya ɓaci," domin wannan "in" ɗin tana mayar da laifin kansa. Kada ka ce "ai wasa nake yi," ya riga ya sani, kuma ba shi ne abin da ya dame shi ba. In ya yi maka faɗa, ka saurara har ya gama. In ya ce ba komai ya kawar da zancen, ka karɓa, kada ka matsa sai ya nuna maka ya huce. Mai yiwuwa ma a nan zauren nasa, inda babu suruki babu lasifika, ya rama abinsa, ya ce dama me za a jira daga ɗan Fulani. In ka ji haka, ka gode wa Allah, magana ta mutu.

Idan kawu ya ƙi raka ka saboda fushinsa bai sauka ba, ka nemi shugaban ƙungiyarku ko wani dattijo da Dakta yake jin nauyinsa. Ka kuma roƙi wanda ya ɗauki bidiyon da masu kula da zaurukan da aka tura shi su goge, ko da yake wanda ya riga ya bazu ba ya dawowa. Ban ba ka shawarar ka rubuta doguwar takardar ban haƙuri ka watsa ba, don hakan zai sa waɗanda ba su gani ba su tafi nema. Abin da ya fi shi ne ƙungiya ta rubuta wa Dakta takardar godiya a kan jawabinsa da gudummawarsa, shugabanni su kai masa da hannu, in an gama gyaran azuzuwan kuma a gayyace shi ya gani. A gaban jama'a aka rage masa, ya kamata wata rana a gaban jama'a a mayar masa. Abokanka kuma ba sai ka yi musu da su ba. Ka ce musu kawai ka je ka ba da haƙuri kuma hankalinka ya kwanta.

Saura bikin da ke tafe. Ka karɓi aikin. Shugaban makarantarku ya san abin da ya faru, ya kuma sake ba ka, wannan amana ce. Abu na farko, ka nemi lambar baƙuwar ta hannunsa ka kira ta ko ka je ka gaishe ta tun da sauran kwana goma. Ka tambaye ta yadda take so a kira ta, Mama ko Madam ko Hajiya ko wata sarauta da take da ita, kada ka yi hasashe daga sunan garinsu. Ka sa ta furta maka cikakken sunanta, ka maimaita har sai ta ce daidai ne, domin sunayen Tangale da na maƙwabtansu sukan karye a bakin wanda bai saba ba, kuma mutum ya fi yafe rashin barkwanci a kan a murɗe sunan mahaifinsa. Haka in akwai wakilan masarautu a babban teburi, ka rubuta sarautunsu daidai, ka tabbatar da jerin wajen shugaban makaranta: wakilin Sarkin Gombe, wakilin Mai Kaltungo, kowa da sunan kujerarsa. A kan waɗannan ba a raha ko kaɗan.

Sannan ka tambaye ta: "Mama, da me ɗalibanki suka fi tunawa da ke?" A amsar wannan tambaya rahar ka take. A ce ta yi dariya ta ce maka ita ce mai tsayawa a bakin ƙofa da agogo tun ƙarfe bakwai da rabi, duk wanda ya makara sai ya tsinci shara. Sai ka ce, "Mama, kin yarda in ambaci wannan?" Ka faɗa mata jimlar yadda za ka faɗe ta a taro, kalma da kalma. Wasu suna ganin hakan na kashe daɗin abin, alhali jama'a ne suke buƙatar jin sabon abu, ita baƙuwa ba ta buƙatar a shammace ta. Sau da yawa ma za ka ga ta tanadi amsa tun daga gida.

A ranar, gabatarwar gaba ɗaya kada ta wuce minti biyu. Ka fara da abin da ya sa ita ce ta dace da wannan taro: shekarun da ta yi a aji, makarantun da ta shugabanta, abu biyu ko uku kawai waɗanda ta tabbatar maka. Sai darajarta ta zauna a zukatan mutane tukuna rahar za ta shigo, guda ɗaya tak, dab da kiran sunanta. Misali: "Ɗalibanta sun ce a zamaninta ba a buƙatar ƙararrawa, in ka hango Mama a bakin ƙofa da agogonta ka san bakwai da rabi ta yi. Yau na lura tun kafin lokaci kowa ya zauna, har da mu malamai. Ashe labari ne ya iso cewa Mama na hanya." Ka ɗan dakata, numfashi biyu, ka bar dariyar ta sauka, kada ka yi magana a kanta, kada kuma ka riga mutane dariya. Sannan ka mayar da muryarka ta girmamawa, ka kira cikakken sunanta a matsayin kalmarka ta ƙarshe, ka miƙa makirufo da hannu biyu, ka koma gefe. Dubi abin da ka bar mata: tana iya duba agogonta ta ce ta ga an kiyaye, yara su yi dariya, ta shiga yi musu magana a kan riƙon lokaci. Amma wannan jimlar tana aiki ne in da gaske an fara a kan lokaci. In taron ya makara da awa guda, ka jefar da ita, domin a lokacin ta zama habaici ga shugaban makaranta da manyan baƙin da suka zo a makare. Saboda haka ka rubuta gabatarwar iri biyu a takardarka, mai raha da marar raha, kowace ta iya tsayawa da ƙafarta.

Kafin ka yanke wadda za ka karanta, ka karanci wurin. In an buɗe taro da ta'aziyyar wani malami ko ɗalibi, ko wanda ya riga ka magana ya taɓo wani abin baƙin ciki, ka ɗauki marar raha. In kuma ka faɗi rahar, idonka ya kasance a kan baƙuwar da babban teburi, kada ka bi ihun 'yan bayan aji, su komai aka faɗa dariya suke yi. Alamun sanannu ne. Wanda abin ya yi wa daɗi kafaɗunsa na motsi, yakan juya ya dubi na kusa da shi. Wanda abin ya soka yakan sunkuya ya hau duba takardar tsarin taro, ko ya gyara hular da ba ta karkace ba, ko ya yi murmushin da ya tsaya a leɓe. In ka ga manya sun dubi baƙon kafin su yi dariya, suna neman izini ne, alamar ka matso bakin rami. A irin wannan hali kada ka bayyana abin da kake nufi, kada ka ƙara wata barkwancin don ka rufe ta farko. Ka ce "a gafarce ni" sau ɗaya, ka faɗi wata jimla ta gaskiya a kan alherin mutumin, ka kira sunansa. Bayan taro ka same shi shi kaɗai.

Kwana biyu kafin bikin, ka karanta wa mutum biyu abin da ka rubuta da babbar murya, kana duba agogo. Kada su zama cikin abokan nan naka. Ka nemi wata malama da ta girme ka a makarantar, da wani abokin aiki daga kudancin jihar wanda ya san abin da kunnen mutanen Kaltungo zai ji. In ɗayansu ya ɗan yi jim kafin ya ce babu laifi, ka tambaye shi wace kalma ce ta tsayar da shi, ka cire ta. Allah ya sanyaya zuciyar Dakta, ya ba ka sa'ar taron. Ka rubuto mini bayan kun dawo daga gidansa, ina son jin yadda kuka yi.